Kundin aikin teburin ruwa: auna kusurwar Mach a ruwa mai zurfin milimita 5

Litinin, 13 ga Janairu

Abin da aikin nan ke nema ɗaya ne: a ga kusurwar mazurarin Mach da ido, a auna ta, a gwada ko tana bin lissafi. Idan abu yana tafiya a cikin iska da gudun da ya fi na sauti, sautin da yake fitarwa ba ya iya wuce shi gaba. A kowane wuri da ya ratsa yana barin da'irar sauti da ke faɗaɗa a bayansa, gefunan da'irorin kuma suna haɗuwa su zama bango guda mai siffar mazurari, tsininsa a kan abin. Wannan bangon shi muke kira igiyar bugu, shi ne kuma wanda mutumin da ke ƙasa ke ji kamar tsawa idan jirgi mai gudun da ya fi na sauti ya wuce ta sama. Ernst Mach da Peter Salcher sun ɗauki hotonsa a jikin harsashi, aka buga aikin a 1887.

Dangantakar gajeriya ce:

sin μ = c / v = 1 / M

c gudun igiya ne, v gudun abin da ke tafiya, M ninkin v a kan c, wato lambar Mach. μ kuwa kusurwa ce tsakanin hanyar tafiya da gefe ɗaya na mazurarin, wato rabin buɗewarsa. Dalilin da ya sa sin ne ba tan ba yana cikin zane. A sakan ɗaya abin ya tafi nisan v, da'irar da ya bari a baya ta faɗaɗa nisan c. Layin da ya taso daga tsini ya shafi gefen da'irar yana haɗuwa da layin da ya fito daga tsakiyarta a kusurwar digiri 90. Saboda haka v ne dogon gefen alwatikan, c kuma shi ke fuskantar μ. Wanda ya yi kuskuren sa tan zai samu digiri 26.6 a M = 2 maimakon 30, a M = 1.2 kuwa zai samu 39.8 maimakon 56.4.

Sauti a iska mai zafin digiri 20 yana gudun mita 343 a sakan, ba abin da za a iya tserewa a ɗakin gwaji ba ne. Amma igiyar ruwa marar zurfi tana tafiya da c = √(g·h), inda g ke nufin ƙarfin jan ƙasa, h kuma zurfi. A milimita 5 wannan ya zama mita 0.2215 a sakan, wanda ko tafiyar ƙafa ta ninka shi sau biyar. Don haka an zaɓi ruwa. An ba da aikin farantin: gindin gilashi mai kaurin milimita 6, santimita 150 a tsawo, 80 a faɗi, da baki na alminiyum. Lita 6 daidai ke cika shi zuwa milimita 5.

Alhamis, 16 ga Janairu

An yi tambaya mai kyau: me ya sa ba za a ƙara zurfi ba, tunda milimita 5 na da wuyar riƙewa? Amsar ita ce ginshiƙin aikin. Sauti a iska yana da gudu ɗaya ko igiyarsa doguwa ce ko gajeriya. Ruwa ba haka yake ba. Nauyin ruwa yana sa gajerun igiyoyi su yi baya, tsaurin fatar saman ruwa kuma yana sa su yi gaba. Akwai zurfin da waɗannan biyun ke kusan soke juna, h = √(3σ / ρg), inda σ ke nufin tsaurin fatar ruwa, ρ kuma nauyin ruwa a kowace mita kubik, kuma da σ = 0.072 N/m na ruwa mai tsabta yana fitowa milimita 4.7. A milimita 5, igiya mai tazarar santimita 5 tsakanin tudu da tudu tana gudun 0.220, mai santimita 3 ma 0.220, mai santimita 2 kuma 0.222. Kusan gudu ɗaya ke nan, kamar sauti. A milimita 10 doguwar igiya tana gudun 0.313, mai santimita 3 tana 0.245. A nan babu c guda da za a raba v da ita, kusurwar kuma ba ta da ma'ana ɗaya.

An kafa dogon alminiyum mai tsawon santimita 120 a saman tsakiyar farantin, da 'yar amalanke mai tayoyi huɗu. Injin waifar mota mai bolt 12 ke jan ta da zaren kamun kifi. Ƙwaryar da zaren ke naɗuwa a kanta faɗinta santimita 14 ne, zagayenta 44, don haka juyi ɗaya a sakan yana ba da mita 0.44 a sakan, wato M = 2. An yanka wata mai santimita 28 don manyan gudu.

Litinin, 20 ga Janairu

Zurfin bai daidaita ba, kuma ba laifin lebur ba ne. An ɗaure allura a kan maikuromita, ana saukar da ita har tsininta ya taɓa ruwa (ana gane lokacin domin ruwan kan yi tsalle ya kama allurar), sannan a ci gaba har ta taɓa gilashi. Kusurwoyi huɗu na farantin sun ba da kusan 4.75, tsakiya ta ba da 5.35. Gilashin ne ya lanƙwasa. Nauyinsa kilo 18, na ruwa kilo 6, kuma bakinsa kaɗai ke zaune a kan katako, sai cikinsa ya sauka da kimanin milimita 0.6. Ido ba ya ganin wannan, amma a 5.35 gudun igiya 0.229 ne, ya haura na lissafi da fiye da kashi 3 cikin ɗari, abin da ke ƙara digiri ɗaya a kusurwar M = 2. An ratsa sanduna biyu na ƙarfe a ƙarƙashin gilashin, aka cusa yankan kwali tsakaninsu da shi har wurare tara da aka auna suka zo tsakanin 4.95 da 5.05. Sandunan suna jefa inuwa a hoto, amma an sa su inda ba a aune.

Iskar hunturu ta kawo nata. Ruwan da aka bari tun Juma'a ya ragu da fiye da rabin milimita, ƙura kuma ta kwanta a samansa ta kashe ƙananan igiyoyi. Ƙa'ida daga yau: a auna zurfi kafin kowane zama, a ja tsinken jarida a saman ruwan daga wannan baki zuwa wancan don kwashe ƙura, a rufe da leda idan an tashi. Kada sabulu ya kusanci farantin, domin ɗigo ɗaya yana rage σ sosai, zurfin da ya dace kuma ya sauka ƙasa da milimita 4.

Alhamis, 23 ga Janairu

Gwajin farko da allurar ɗinki a matsayin abin da ake ja. Haske fitila ce ƙarama guda, mita 2 sama da ruwa, farar takarda kuma santimita 10 ƙasa da gilashi. Tudun igiya yana tattara haske, sai ya fito a takardar a matsayin farin layi. Inuwar ta ɗan fi ainihin abin girma, amma tunda takardar na kwance daidai da ruwan, girman iri ɗaya ne ta kowace fuska, kusurwa ba ta canzawa. Gudu ne kawai bai kamata a auna daga inuwa ba. Don haka an yi alamu biyu a jikin dogon, santimita 80 tsakaninsu.

Hoton bai ba da V guda ba. Ya ba da layuka da yawa kamar haƙoran mataji, suna buɗewa gaba. Allura siririya ce, igiyoyin da take tayarwa gajeru ne, kuma ƙasa da santimita 2 tsaurin fatar ruwa ne ke mulki. Mai tazarar santimita 1 tana gudun 0.246, mai milimita 5 tana 0.31. A gudun 0.443 ta farko tana tsayawa a digiri 34, ta biyu a 45, alhali ana neman 30. Kowane layi a hoton yana bin sin μ = c / v, sai dai kowanne da tasa c. An ajiye allura. An goge yankin roba mai tauri zuwa siffar ƙwallon dabino, santimita 4 a tsawo, milimita 4 a kauri, mai tsini gaba da baya, an rataye shi yana wucewa rabin milimita sama da gilashi. Wannan yana ture ruwan tun daga ƙasa har sama, ya ba da layi ɗaya mai kauri. Ƙananan layukan suna nan a gabansa, amma yanzu an san ba su ake aunawa ba.

Kyamarar waya tana ɗaukar hoto 60 a sakan. Idan aka bar idonta a buɗe 1/60 na sakan, abin yana matsawa milimita 7 a hoto ɗaya, layin ya dushe. An mayar da shi 1/500, wanda ya rage matsin zuwa ƙasa da milimita 1. Fitilar da ke kan wutar gida ta fara kyaftawa a hoton, sai aka koma ta batir.

Talata, 28 ga Janairu

Ga awo ɗaya daga farko har ƙarshe. Zurfi milimita 5.0, saboda haka c = 0.2215. 'Yar amalanken ta ci hoto 108 tsakanin alamu biyun, wato sakan 1.80 a santimita 80, v = 0.444. M = 0.444 / 0.2215 = 2.01, lissafi kuma ya ce μ = 29.9. An buga hoton a takarda, an ja layi a kan kowane hannu na V ɗin, buɗewar duka ta zo digiri 61.5, rabinta 30.75. Idan aka juya lissafin, 1 / sin 30.75° = 1.96. Tazara tsakanin 2.01 da 1.96 kashi biyu da rabi ce cikin ɗari.

A lura da rabawar nan. Wanda ya manta ya sa 61.5 kai tsaye zai samu M = 1.14, kuma lambar ba za ta yi masa kama da kuskure ba. Auna buɗewar duka sannan a raba ya fi auna hannu ɗaya, domin ba sai an san ainihin layin tafiya ba, kuma idan hoton ya ɗan karkata, abin da hannu ɗaya ya ƙaru da shi ɗayan ya rage.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne hannuwan ba miƙaƙƙu ba ne. Kusa da tsini kusurwar ta haura 40, santimita 5 daga hanya ta sauko kusan 37, sai daga santimita 15 zuwa 30 ta zauna a kusan 31. Wannan ba kuskuren awo ba ne. Dokar sin μ = 1 / M ta igiya ce mai rauni ƙwarai, wadda ba ta canza abin da take ratsawa. Igiyar bugu ta gaske tana da ƙarfi, mai ƙarfi kuma ta fi c gudu. A ruwa, idan zurfin bayan igiyar ya ninka na gabanta sau r, gudunta c·√(r(r+1)/2) ne. Tudu mai milimita 0.2 kacal a kan 5 yana ba da r = 1.04, gudu ya ƙaru da kashi 3 cikin ɗari, kusurwa ta tashi daga 30 zuwa 31. Ke nan μ ita ce ƙasan da kusurwar igiyar bugu ke gangarowa gare shi yayin da take raunana da nisa, ba ta sauka ƙasa da shi. Haka yake a hotunan harsashi: layin yana da kumburi a kai, sai can baya yake miƙewa. Duk wanda zai karanta gudu daga hoto ya auna nesa da tsini.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An kammala gudu biyar, kowanne sau shida, ana jiran minti biyu tsakani don ruwan ya kwanta.

| M | μ na lissafi | wanda aka auna |
|---|---|---|
| 1.30 | 50.3 | 52.0 |
| 1.50 | 41.8 | 43.0 |
| 2.01 | 29.9 | 30.8 |
| 3.00 | 19.5 | 20.3 |
| 4.00 | 14.5 | 15.5 |

Duka sun haura lissafi, babu wanda ya gaza, kuma hakan ya dace da bayanin ranar Talata. Amma tebur ɗin na iya ruɗar mai karatu. A ido layin farko ne ya fi muni, da digiri 1.7. A gaskiya na ƙarshe ne. Digiri 52 na ba da M = 1.27, kuskuren kashi 2 da ɗoriya, digiri 15.5 kuwa na ba da 3.74, kuskuren kashi 6.5. Dalili shi ne yayin da gudu ke ƙaruwa mazurarin yana tsukewa a hankali a hankali: daga M = 1 zuwa 2 kusurwar ta faɗi digiri 60, daga 3 zuwa 4 digiri 5 kawai. Kuskuren digiri ɗaya yana jawo kashi 1 a μ = 60, kashi 3 a 30, kashi 6.5 a 15. Kusurwa ma'auni ce mai kaifi kusa da gudun sauti, tana dakushewa idan an yi nisa.

M = 4 ya fito da wata matsala. Wutsiyoyin V ɗin sun buɗe waje. Yankin layin da ke nisan y daga hanya ba yanzu aka haife shi ba, an haife shi ne lokacin da abin ke baya da nisan L = y·M / cos μ. Don y na santimita 30, a M = 2 ana bukatar santimita 69 na gudu marar canji kafin a ɗauki hoto, a M = 3 santimita 95, a M = 4 kuwa 124, dogon kuma 120 ne gaba ɗaya. Wutsiyoyin tarihin lokacin da injin ke ɗaukar gudu ne, sa'ad da M ke ƙarami, kusurwa ke da faɗi. An takaita awon wannan gudun zuwa santimita 12 zuwa 20 daga hanya. Yanzu ana iya rarrabe lanƙwasa biyu: ta kusa da tsini ƙarfin igiya ce, ta wutsiya canjin gudu ce.

Layin M = 3 na bukatar gargaɗi. Digiri 19.5 ita ce kuma kusurwar sawun kwalekwale ko agwagwa a ruwa mai zurfi, wadda masanin kimiyya Kelvin ya bayyana, domin ita ma sin ɗinta 1/3 ne. Dacewar lambobi ce kawai. Sawun Kelvin yana fitowa ne daga bambancin gudun dogayen igiyoyi da gajeru, kuma kusurwarsa ba ta bin gudun kwalekwalen yadda tamu ke yi. Hanyar ganewa ita ce a canza gudu: idan kusurwar ta tsaya cik, ba mazurarin Mach ake kallo ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An gwada abu mai bakin gatari, kowane gefe digiri 10 daga tsakiya, tsawonsa santimita 12, a M = 2. Muddin ruwan na bin gefen gatarin, igiyar ba ta raunana, don haka layin miƙaƙƙe ne amma ba a 30 ba. Lissafin ruwa ya ce 41.6, awo ya ba da tsakanin 42 da 43. A iska, gatari iri ɗaya a M = 2 yana ba da 39.3. A nan kwatancin ya kai iyakarsa: γ, lambar da ke nuna yadda matsin gas ke ƙaruwa idan an matse shi, 1.4 ce a iska, ruwa marar zurfi kuwa yana yin kamar gas mai γ = 2. Dokar sin μ = 1 / M ba ta damu da γ ba, shi ya sa teburin ke auna ta daidai, amma kusurwar igiya mai ƙarfi ta damu. Kada a ɗauki lambobin gatari daga nan a ɗora wa fiffiken jirgi.

Mai digiri 25 ya nuna ɗayan abin da ake jira. Igiyar ta rabu da tsinin, ta tsaya gabansa a lanƙwashe kamar baka. Akwai iyakar yadda igiyar da ke manne da tsini za ta iya karkatar da abin da ke kwarara: a M = 2 kusan digiri 23 a iska, kusan 19.6 a ruwa. Gatari mai 21 zai riƙe igiyarsa a iska ya sake ta a ruwa, an ba da a yanka shi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mataki na gaba shi ne abin da ke faruwa idan c ba ɗaya ba ce a ko'ina, domin haka sararin sama yake. Jirgin fasinja Concorde, kafin a daina aiki da shi a 2003, yakan yi tafiya a kusan M = 2, a tsayin da iska ke da sanyin digiri 56.5 ƙasa da sifili, inda sauti ke gudun mita 295 a sakan. Gudunsa ke nan kusan 590. Da iska iri ɗaya ce har ƙasa, jirgi a tsayin H na kilomita 17 zai wuce kan mutum da nisan H·√(M² − 1), wato kilomita 29.4, kusan sakan 50, kafin tsawar ta iso. Amma a ƙasa c ta kai 343, M na wurin 590 / 343 = 1.72, kusurwar ta buɗe zuwa 35.5. Bangon yana lanƙwasa gaba yayin da yake saukowa, tsawar kuma ta riga lissafin farko isowa. Idan gudun jirgin bai kai c ta ƙasa ba, wato M ƙasa da 343 / 295 = 1.16 idan babu iska mai kaɗawa, igiyar kan juya sama kafin ta taɓa ƙasa. A rana mai zafin digiri 40 c na kai 355, iyakar ta matsa zuwa 1.20.

Za a kwaikwayi wannan da karkata farantin ta faɗinsa, zurfi 4.4 a gefe ɗaya, 6.0 a ɗayan, wanda ke ba da 0.208 da 0.243, ninki 1.17. Za a mayar da dogon zuwa gefe mai ƙarancin zurfi, gefe mai zurfi ya tsaya a matsayin ƙasa. A gudun 0.23 lissafi ya ce layin zai miƙe ya kai digiri 90 inda zurfi ya kai v² / g = milimita 5.4, kada ya wuce nan. Bambancin milimita 1.6 a faɗin santimita 80 ake nema, don haka an sayo ƙusoshi masu zare huɗu don ƙafafun teburin, kowane juyi milimita 1. Saura a sake daidaita sandunan ƙarƙashi bayan karkatawar, a kuma rage saurin injin ya zauna a 0.23 ba tare da fizga ba, domin a gwajin yau yana yawo tsakanin 0.22 da 0.25.